Abu Uku Sun Isa a Kawo Kano Cikin Labari

Marubuci da yawa idan labarinsu ya shiga babban birni sai su hau jero sunaye. A ce Kano ce, za ka ga an rubuta: "Kano birni ne mai ɗimbin jama'a da kasuwanni irin su Kurmi da Kwari da Sabon Gari da Singa da Dawanau, ga Dutsen Dala da Gwauron Dutse, ga ganuwa da ƙofofinta, ga Gidan Rumfa da Gidan Makama." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma mai karatu ya gama jimlar bai taka ƙasar Kano ba. Wanda ya san garin bai ƙaru da komai ba, wanda kuma bai sani ba an ba shi sunaye goma da ba su da kama a idonsa.

Matsalar jeri ita ce babu mutum a cikinsa. Ba wanda ke tsayawa wuri guda ya hangi Dawanau da Kurmi a lokaci ɗaya, domin tazarar da ke tsakaninsu tafiya ce ta mota. Mutum yana sanin birni ne ta inda ƙafarsa take, da abin da ya shiga idonsa da kunnensa da hancinsa a wannan sa'a. Saboda haka aikin farko shi ne marubuci ya yanke shawara a kan tambayoyi uku: wa yake kallo, a ina yake tsaye, kuma yaushe ne?

Mu ɗauki misali. Tauraruwar labarinmu 'yar kasuwa ce daga Damagaram, ta zo Kantin Kwari sarin atamfa a karon farko, ita da yayanta, ana saura kwanaki kaɗan Babbar Salla. Da wannan kaɗai Dala da Gidan Makama sun fita daga lissafi, don ba yawon buɗe ido ya kawo ta ba. Abin da ya rage shi ne a zaɓo abu uku daga cikin abin da za ta ci karo da shi, a bar kowannensu ya yi aiki dabam.

Na farko ya zama na nesa, wanda zai nuna girman garin ba tare da an ce "babba ne" ba. A nan cunkoson adaidaita sahu ya dace, ruwan ɗorawa iya ganin ido, kowane direba yana cusa hancin kekensa a duk ɗan sararin da ya samu. Na biyu ya matso kusa, ya shiga ta kunne da jiki: ɗan dako da dilar atamfa a ka yana ratsa layi mai ƙunci yana cewa a ba shi hanya. Na uku ya zo har hannu da baki: gurasa bandashe, wadda aka yayyafa wa ruwa ta yi laushi, aka barbaɗa mata garin ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa. Ga yadda za su zauna a labari:

Tun kafin su kai bakin kasuwa titi ya cushe. Ta leƙa gaba, ta waiwaya baya, ba ta ganin komai sai rufin adaidaita sahu ruwan ɗorawa. "Yaya, mu sauka mu taka mana," in ji ta. Suna shiga layin farko aka daka tsawa a bayanta: "Hanya, Hajiya, hanya!" Ta manne da bango, dilar atamfa ta wuce ta saman kanta, ba ta ko ga fuskar mai ɗauke da ita ba. Sai bayan azahar, da ciniki ya faɗa, ta tuna ba ta karya ba. Yayanta ya miƙo mata gurasa a takarda, mai yana naso ta jikinta. "Ci a tsaye, ƙanwata," ya ce, "nan ba a zama."

Duba abin da ya faru. Ba a ce Kano cibiyar kasuwanci ce ba, amma dila ta faɗa. Ba a ce mutanen garin suna sauri ba, amma cin gurasa a tsaye ya nuna. Kuma kowane abu ya taɓa matar: cunkoso ya sa ta sauka, dila ta sa ta kauce, gurasa ta tuna mata da yunwa. Bayanin da bai sa ɗan wasan labari ya motsa ba, ado ne kawai, kuma mai karatu yakan tsallake shi.

Me ya sa uku? Abu ɗaya yana iya zama dace, biyu kuma sukan zama kamar ana gwada wannan da wancan. Da na uku ya shigo sai su tsaya kamar duwatsun murhu, mai karatu ya ɗora sauran garin a kai da tunaninsa. Idan suka kai bakwai ko takwas, na baya yakan ture na gaba, a koma gidan jiya.

Akwai gwaji mai sauƙi da marubuci zai yi wa kansa. Ya goge sunan garin ya sa Kaduna ko Yamai, ya sake karantawa. Idan bayanin ya zauna daram, to bai zaɓi komai ba tukuna, kuma wannan shi ne kuskure na farko. Zafin rana, ƙura, hayaƙin mota da kiran salla duk suna faɗuwa a wannan gwaji, domin kusan kowane babban gari a ƙasar Hausa yana da su. Ba dole ne a ce Kano kaɗai ke da abin ba. Abin nema shi ne haɗuwar ukun ta kasa dacewa da wani gari.

Kuskure na biyu shi ne rashin lura da zamani. A shekarar 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, daga nan ne adaidaita sahu ya mamaye tituna. Labarin da aka gina a 1998 ba zai ɗauki wancan cunkoson ruwan ɗorawa ba, 'yan acaɓa ne za su cika titin. Bakano yana ganin irin wannan tuntuɓe zai daina yarda da sauran labarin.

Na uku shi ne ba mutum idon da ba nasa ba. Baƙuwa ce za ta lura da launin adaidaita sahu. Yaron shago da ya girma a Fagge ba ya ganinsa kuma. Shi abin da zai lura da shi shi ne yau layinsu ya cika da baƙi masu magana da Hausar Nijar, ko kuɗin dako ya tashi saboda Salla. Gari ɗaya ne, kasuwa ɗaya, amma ukun da za a zaɓa masa dabam ne.

Jeri ma yana da ranarsa. Rahoton jarida a kan kasuwannin Kano, ko ɗan littafin jagora ga matafiyi, dole su kawo sunaye a jere, don mai karatu bayani yake nema. A ƙagaggen labari kuwa, ko labarin tafiya, gara marubuci ya fara rubuta duk abin da ya sani game da wurin a takardar gefe, ko da ashirin ne, sannan ya yi ta sokewa har a bar na nesa ɗaya, na tsakiya ɗaya, na kusa ɗaya. Sauran ba asara ba ne. Idan labarin ya koma wata unguwa, ko wani mutum ya karɓi kallon, a cikinsu za a ɗebo wasu ukun.