Fassarar Kalmomin Wajabci a Takardun Yarjejeniya: Misali daga Hayar Gida a Ingila

Yarjejeniya takan ɗora wa mutum nauyi, ko ta ba shi zaɓi, ko ta gindaya masa sharaɗi. Ingilishin shari'a yakan bayyana waɗannan da kalmomin "shall", "may" da "must". Sai dai kalma guda takan yi aiki fiye da ɗaya. Don haka, kafin mai fassara ya zaɓi lafazi, ya kamata ya tambayi kansa: idan ba a aikata abin ba, wa za a kama da laifin saɓa alkawari?

A ɗauki misalin takardar hayar gida ta shekara ɗaya a Landan, wadda ake fassara wa Bahaushe ɗan haya. Saɗarar farko ta yi amfani da "shall" wajen biyan kuɗin haya. Idan aka ce "ɗan haya zai biya", an mayar da wajibi ya zama labarin abin da ke tafe. Daidai shi ne "wajibi ne ɗan haya ya biya".

Saɗara ta biyu ta ba mai gida "may" game da shiga duba gida. "Zai iya shiga" na ɗauke da ma'anar iko, "wataƙila ya shiga" kuwa hasashe ne. "Mai gida yana da damar shiga" ita ce ke nuna izini, wanda in ya bari bai yi laifi ba.

Saɗara ta uku ta ce sanarwar tashi "must" ta kasance a rubuce. A nan babu wanda aka tilasta wa ba da sanarwa. Sharaɗi ne kawai. Shi ya sa "sanarwa ba ta inganta sai in a rubuce take" ta fi "dole ne ɗan haya ya rubuta sanarwa" dacewa.

Mafi haɗari ita ce saɗarar da ta wajabta gyaran rufi ba tare da ambaton mai gyarawa ba. Mai fassara kan so ya cike gurbin, ya rubuta "ɗan haya". Alhali sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora gyaran ginin gida da bayansa a kan mai gida, muddin hayar ba ta kai shekara bakwai ba. Hausa tana da mafita a lamirin "a": "wajibi ne a gyara rufi". Wannan ya bar gurbin yadda asali ya bar shi, sannan a sanar da lauya cewa saɗarar tana da giɓi.

Hanyar tantance aikin ita ce a jera asali da fassara, a rubuta gefen kowace saɗara wanda nauyi ya hau da abin da zai same shi in ya gaza. Duk inda amsoshin biyu suka saɓa, fassarar ta sauya yarjejeniyar.