Wasiƙar Neman Kafa Ƙungiyar Karatu a Makaranta

Wasiƙar da malami ke rubuta wa shugaban makaranta don neman kafa ƙungiyar karatu ta mako-mako wasiƙar aiki ce. Tana ɗauke da adireshi, da kwanan wata, da kanun magana, a buɗe da "Ranka ya daɗe", a rufe da "Naka mai biyayya" da sa hannu. Shafi ɗaya ya isa, matuƙar shugaba zai sami amsar abin da zai tambaya: yaushe, a ina, wa zai kula, nawa za a kashe.

Sakin layi na farko yakan kawo dalili daga abin da malamin ya gani a aji. Idan ya ce ɗalibai da dama a aji ɗaya na ƙaramar sakandare suna haɗa baƙi, amma ba sa iya maimaita labarin da suka karanta, ya fi gamsarwa a kan doguwar yabon ilimi.

Daga nan sai tsari, kuma nan ne ƙarfin wasiƙar yake. A ɗauki misalin ɗalibai 30 da za su riƙa zama na minti 40 bayan tashi. Alhamis ta fi dacewa, domin makarantun allo da Islamiyya da yawa suna hutu a ranar, ba za a shiga lokacinsu ba. Zango yakan kai kimanin mako 13. In an cire makon dawowa da makonnin bita da jarrabawa, zama 10 ya rage, kuma su ya kamata a tsara. A kowane zama malami ya karanta da ƙarfi na minti 10, ɗalibai su karanta uku-uku na minti 20, sauran lokacin a tattauna. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya dace da farawa, saboda labaransa gajeru ne, ana gama ɗaya a zama guda. Ruwan Bagaja sai ya biyo baya.

Wajen kayan aiki, ɗalibai 30 a rukunin uku-uku kwafi 10 suke buƙata. Sai rajistar aro, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo saboda gara da ɓata. Ana rubuta farashin kowanne bayan an tambayo a kasuwa, a kuma nuna inda kuɗin zai fito, kamar ƙungiyar iyaye da malamai. Lissafin da aka yi da ka yakan sa shugaba ya jingine takarda.

Irin wannan ƙungiya ta fi mutuwa idan malami ɗaya ne ke riƙe da ita, sai a yi masa canjin wurin aiki. Shi ya sa ake sanya sunan malami na biyu, a nemi izinin gwaji na zango ɗaya, tare da alƙawarin miƙa rajistar halarta da rahoto a ƙarshensa.