Gaisuwar Safe Da Ta Dare Tsakanin Masoya: Abin Da Littafin Koyon Harshe Bai Koyar Ba

Babu Bahaushen da zai farka da asuba ya tura wa matarsa da ta yi tafiya saƙo yana cewa, "Barka da safiya Hajiya, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya." Hausar daidai take, amma irin wadda ake buɗe wasiƙar neman aiki da ita ce. Abin da yake fitowa daga bakin miji shi ne "Kin tashi lafiya?" ko "Ya kika kwana?" Da dare kuma sai ya ce "Sai da safe, Allah ya tashe mu lafiya." Kowa ya san wannan bambanci a harshen da ya tashi a cikinsa. Matsalar tana tasowa ne idan mutum ya so ya gai da masoyinsa da wani harshe, domin jimlar farko da littafin koyon harshe yake bayarwa, an tsara ta ne saboda baƙo, malami ko mai shago.

Yanzu karatu, fatauci da aure sun haɗa Hausawa da masu Larabci, Faransanci, Turkanci da harsunan Indiya, kuma mafi yawan hirar tana gudana ne ta waya. A yawancin waɗannan harsuna, abubuwa uku ne suke tona asirin wanda ya kwafo saƙonsa: girmamawar da ta wuce kima, rikita namiji da mace, da sa gaisuwa a lokacin da ba nata ba.

Faransanci: a fara da sauke "vous"

Mu ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Kano da ya nemi auren wata 'yar Abijan wadda Faransanci ne harshen hirarta. Da dare ya yi, sai ya rubuta mata: "Bonsoir madame, je vous souhaite une bonne nuit." Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a ciki, amma za ta karanta shi kamar takardar da ma'aikacin otal ya ajiye mata a ɗaki.

Gyara na farko yana kan "vous". Faransanci yana da kalma biyu ta kiran wanda ake magana da shi: "vous" ta girmamawa ko ta jam'i, da "tu" ta kusanci. Masoya da "tu" suke magana, kuma idan wanda ya saba ce maka "tu" ya koma "vous" ba zato, ko dai zolaya ce ko kuma akwai fushi. Gyara na biyu yana kan "bonsoir". Wannan gaisuwar haɗuwa ce da yamma, kamar "barka da yamma". Idan za a rabu amma dare bai yi nisa ba, "bonne soirée" ake cewa. Ita kuwa "bonne nuit" sai an zo kwanciya. Na uku, "madame" da "je vous souhaite" duk su fita, a maye gurbinsu da sunan ƙauna da ɗan umarni mai taushi. Saƙon sai ya koma haka: "Bonne nuit mon cœur, dors bien. Bisous." Wato sai da safe zuciyata, ki yi barci mai daɗi, sannan a rufe da sumba. Wanda yake son ƙari sai ya sa "fais de beaux rêves", fatan kyawawan mafarkai.

Da safe ma ba laifi ba ne a ce "bonjour", sai dai masoya sun fi buɗewa da "coucou", sannan su bi ta da tambaya gajera, "bien dormi ?", wadda ta yi daidai da "an tashi lafiya?" A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ana yawan rubuta "bon réveil", fatan farkawa lafiya. "Bon matin" kuwa, wadda mai koyo yakan ƙirƙiro da kansa, a yankin Kebek na Kanada ake jin ta, a Faransa kunne ba ya karɓarta.

Wajen sunayen ƙauna a kula da jinsi. Namiji "mon chéri" ne, mace "ma chérie". Amma "mon cœur" da "mon amour" ba sa canzawa, ko wa ake faɗa wa. Akwai kuma tarko biyu da suke kama kusan kowa. Idan kana kewarta, "tu me manques" za ka rubuta. Wanda ya juya ta ya ce "je te manque", ya gaya mata ne cewa ita ce take kewarsa. Haka nan "je t'aime" ita ce ina sonki, amma da zarar an ƙara "bien" a ƙarshe don a ƙarfafa ta, sai ta sauko ta zama son abokantaka.

Larabci: na littafi daban, na gida daban

Da yawa daga cikinmu mun yi Larabci a makarantar allo da ta Islamiyya, kuma wannan yana taimakawa, sai dai Larabcin littafi ba shi ne ake hira da shi a gidajen Alƙahira ko Khartum ba. Ɗalibi zai iya fassara "dare mai daɗi" ya rubuta "laila sa'ida". Za a gane, amma Balarabe da zai kwanta cewa yake yi "tisbah ala kheir", wato ka wayi gari cikin alheri. A nan Bahaushe yana da sauƙi, domin ya riga ya saba da "ka" da "ki": ga namiji "tisbah", ga mace "tisbahi". Haka ma "habibi" ga namiji, "habibti" ga mace.

Wannan gaisuwa tana da amsarta, kuma rashin sanin amsar yana fallasa mutum fiye da rashin sanin gaisuwar. Ana cewa "w inta min ahlu" ga namiji, "w inti min ahlu" ga mace, ma'ana kai ma ka kasance cikin ma'abota alherin. Idan aka ce maka "tisbah ala kheir" ka amsa da "shukran", ka yi kamar wanda aka ce wa "ina kwana" ya ce "na gode".

Da safe, "sabah el kheir" da amsarta "sabah el nur" gaisuwar kowa da kowa ce. Zaƙin yana zuwa ne idan aka cire "kheir" aka sa wani abu mai ƙamshi ko mai daɗi. Misirawa sukan ce "sabah el full", safiyar furen yasmin, ko "sabah el ward", safiyar wardi, ko "sabah el asal", safiyar zuma, kuma mai amsawa yakan ɗauko wata kalmar daban ya mayar. A Sudan za ka ji tambaya irin tamu, "asbahta kef?" ga namiji, "asbahti kef?" ga mace, wato ya ka wayi gari. Kada kuma a firgita idan amsa ta zo da lambobi a cikin kalma. Matasan Larabawa da suke rubutu da haruffan boko suna sa 7 a madadin ح, 3 a madadin ع, 5 a madadin خ, don haka "saba7 el 5er" ita ce dai gaisuwar safen da aka sani.

Turkanci da Hindi

Turkanci ya ɗauke wa mai koyo nauyin jinsi, domin kalma ɗaya ce ga namiji da mace. Da safe "günaydın", da dare "iyi geceler", ana kuma ƙara "iyi uykular", barci mai daɗi, ko "tatlı rüyalar", mafarkai masu zaƙi. Abin lura shi ne sunan da za a liƙa a ƙarshe. "Canım", wadda ake furta farkonta da sautin "ja", tana nufin raina, amma Turkawa suna faɗa wa yara, ƙawaye har da maƙwabta. Wadda ta fi nuna soyayya ƙarara ita ce "aşkım", wato masoyina ko masoyiyata. Akwai kuma tsohuwar addu'ar kwanciya, "Allah rahatlık versin", Allah ya ba da hutu, wadda aka fi ji a bakin manya cikin iyali.

A Hindi tazarar ta fi faɗi. Littafi zai ba ka "suprabhat" da safe da "shubh ratri" da dare, kalmomin da suka fito daga Sanskirit, waɗanda suka fi dacewa da jawabi, rediyo ko katin gaisuwa. Matasan masoya a biranen Indiya sun fi ɗauko gaisuwar Turanci su haɗa ta da "jaan", wato rai, ko su yi tambaya kawai: "uth gaye?" ga namiji, "uth gayi?" ga mace, ma'ana ka tashi? Da dare sai "so jao", je ka kwanta, da "apna khayal rakhna", ka kula da kanka. Masu Urdu kuwa suna da "shab bakhair" ta kwanciya.

Ko a nan kusa da mu haka abin yake. Littafin koyon Ibo zai ba ka "ụtụtụ ọma", amma tsohuwar gaisuwarsu tambaya ce, "ị bọọla chi?", ka wayi gari? Ta dare kuma "ka chi foo", gari ya waye. Bayarabe da zai kwanta yakan ce "ó dàárọ̀", sai da safe, daidai da tamu.

Yadda ake gane saƙon kwafe

Alama ta farko ita ce tsawo. A duk harsunan nan, gaisuwar masoya gajera ce, domin kusanci yana rage magana. Saƙon da ya cika fuskar waya da wata da taurari da tekun ƙauna, wanda babu sunan kowa a ciki, za a iya tura wa mutum goma a dare ɗaya, kuma mai karantawa ya san haka. Alama ta biyu ita ce rashin tambaya. Saƙon safe mai rai yana neman amsa: yadda aka kwana, ko ciwon kan jiya ya sauka, ko an shirya wa jarrabawar yau. Wannan ɓangaren ba dole ne ya zo da baƙon harshe ba. Ana iya buɗewa da "sabah el ward" a ci gaba da harshen da ku biyu kuka fi sakewa a cikinsa, kamar yadda masu harshe biyu suke yi kullum.

Akwai kuma batun lokaci idan ƙasa ta raba ku. Istanbul tana gaban Kano da awa 2, Indiya kuma da awa 4 da rabi. Wanda ya tura "so jao" da ƙarfe 10 na daren Najeriya, saƙonsa zai sauka a Delhi da ƙarfe 2 da rabi na tsakar dare. Agogon wanda ake gaisarwa ake dubawa.

Hanya mafi tabbas ta koyon gaisuwar da ta dace ita ce a lura da abin da shi masoyin yake rubutawa, a kuma tambaye shi yadda ake cewa a gidansu, domin Larabcin Sudan ba na Masar ba ne, Faransancin Abijan ma ba na Faris ba ne. A zaɓi jimla biyu, ɗaya ta safe ɗaya ta dare, a tabbatar da jinsinsu, a haddace amsarsu, sannan a sa sunan da aka saba kiran juna da shi. Waɗannan sun isa.