Yadda Ake Kai VPN Ga Talabijin Da Na'urar Gem

Tun watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, kalmar VPN ta shiga bakin mutane. Wanda bai taɓa jin ta ba ma ya sauke manhajar a wayarsa. An ɗage takunkumin a Janairun 2022, amma manhajar ta zauna, kuma yanzu wasu na son ta wuce waya ta kai ga talabijin ɗin falo da na'urar gem ta yara. A nan ne ake cin karo da bango.

Talabijin ɗin Samsung na aiki da tsarin Tizen, na LG kuma da webOS, kuma duk biyun ba a sa musu manhajar VPN. Haka PlayStation da Xbox da Nintendo Switch. Masu sa'a su ne masu Android TV da Google TV da Fire TV Stick, sai Apple TV da ta fara karɓa da fitowar tvOS 17 a 2023. Waɗannan sai dai su sauke manhaja kawai. Sauran kuwa dole wata na'ura ta tsaya tsakaninsu da intanet, ita ta riƙe VPN ɗin, su kuma su bi ta bayanta.

Dabarar da ke fara zuwa wa kowa ita ce a kunna VPN a waya, a buɗe hotsifot, a haɗa talabijin. Talabijin zai samu intanet, bidiyo zai buɗe, alamar makulli na nan a saman waya, sai mai gida ya ɗauka aiki ya kammala. Alhali bai kammala ba. A wayoyin Android kamar yadda suka fito daga kamfani, da ma iPhone, VPN na lulluɓe abin da manhajojin wayar kanta suke aikawa ne kawai. Abin da ya shigo ta hotsifot wucewa yake yi kai tsaye zuwa layin MTN ko Airtel. Gane hakan ba wuya: a haɗa wata wayar da ba ta da VPN da wannan hotsifot, a buɗe shafin ipleak.net. Idan ya nuna Najeriya da sunan kamfanin layi alhali an zaɓi Landan, to talabijin ma haka yake fita.

Kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows 10 ko 11 tana iya abin da waya ta kasa. A ɗauki gida mai talabijin ɗin Samsung da rautar 4G ta kamfanin layi. Da farko a haɗa kwamfutar da rautar, da kebul in da hali, don wayfay ɗinta ya ji da talabijin kaɗai. A shiga Settings, sai Network & internet, a kunna Mobile hotspot, sannan a kunna VPN. Daga nan a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta:

```
ncpa.cpl
```

Taga za ta buɗe da jerin hanyoyin sadarwar kwamfutar. Biyu ake nema. Ɗaya ita ce ta VPN, wadda kan zo da sunan kamfaninsa ko da suna irin TAP-Windows Adapter. Ɗayar ita ce wadda ta bayyana bayan kunna hotsifot, mai suna Local Area Connection* da wata lamba a gaba. A danna ta VPN da maɓallin dama, a zaɓi Properties, a shiga Sharing, a sa alama a Allow other network users to connect through this computer's Internet connection, sannan a zaɓi waccan ta hotsifot a akwatin da ke ƙasa. Inda aka fi yin tuntuɓe ke nan: mutum ya buɗe Sharing a kan wayfay ko kebul maimakon a kan ta VPN, sai intanet ya tafi talabijin ba tare da kariyar ba.

Idan komai ya zauna, talabijin zai samu adireshi mai farawa da 192.168.137, kuma gwajin ipleak.net zai nuna ƙasar da aka zaɓa. Idan ya haɗu amma babu intanet, a kashe hotsifot a sake kunnawa, in ya ƙi a sauya VPN zuwa OpenVPN a cikin manhajar, domin ba kowace manhaja ke yarda a raba sauran nau'o'inta ba. Na'ura 8 kawai hotsifot ɗin Windows ke ɗauka, kuma da zarar kwamfutar ta yi barci, fim ya tsaya. Wannan hanya ta dare ɗaya ce, ba ta kullum ba.

Ta kullum ita ce rauta. Akasarin rautocin da kamfanonin layi ke sayarwa ba su san WireGuard ko OpenVPN ba, don haka sai a ƙara ta biyu da ta sani, irin su GL.iNet da wasu na Asus, ko duk wadda aka ɗora wa OpenWrt. A ja kebul daga ramin LAN na rautar kamfani zuwa ramin WAN na sabuwar, a sauko da fayil ɗin saiti daga shafin mai sayar da VPN, a loda shi a ɓangaren VPN Client. Gida ya samu wayfay biyu ke nan: talabijin ya hau sabon, wayoyin da ake hulɗar banki da su kuma su zauna a tsohon, tunda bankuna kan yi zargi idan suka ga mutum ya shigo daga wata ƙasa.

Sai dai ƙarfin rauta shi ne iyakar gudu, domin ita ke rufe kowane bayani ta kuma buɗe shi. Ƙaramar GL.iNet da ake kira Mango, wadda fawa bank ma ke iya riƙewa idan an ɗauke wuta, kamfaninta ya ce tana kai megabit 11 a daƙiƙa da OpenVPN, da WireGuard kuma 45. Netflix na neman 5 don hoto mai kyau na 1080p, sai 15 don 4K. Ma'ana, rauta ɗaya da data ɗaya, amma da OpenVPN hoton 4K zai dinga tsayawa, da WireGuard kuwa ya wuce lafiya, muddin layin kansa na da wannan ƙarfi. Kuma VPN ba ya rage cin data, ƙarawa ma yake yi kaɗan.

Masu gem su ne ya kamata su fi jan birki. Tsakanin Legas da Landan kaɗai, saƙo kan ɗauki wajen milisakan 100 kafin ya je ya dawo, kuma duk zagayen da VPN ya ƙara, a kan ɗan wasa yake ƙarewa: ya danna shot, ƙwallo ta riga ta bar ƙafarsa. Ga kuma matsalar NAT, wadda PlayStation ke nunawa da Type 3, Xbox kuma da Strict, mai hana shiga hira da abokan wasa ko samun abokin karawa da wuri. Layin 4G da ma yakan jawo ta, kuma VPN ɗin da bai ba da damar buɗe ƙofofin shiga ba ba zai gyara ta ba.

Ko a wajen kallo, isar VPN talabijin ba ta nufin kowace ƙofa ta buɗe. Netflix idan ya gane VPN, finafinan da yake da izinin nunawa a duk duniya kaɗai yake bari, BBC iPlayer kuwa na mazauna Birtaniya ne masu lasisin talabijin. Saboda haka kafin mai karatu ya kashe kuɗi a kan sabuwar rauta, ya fara gwadawa da kwamfuta, ya tabbatar abin da yake son kalla yana buɗewa.