Tambayar da ake tsallakewa a wurin zance

A wurin zance akan tattauna kusan komai: unguwar da za a zauna, aikin mace bayan aure, har yawan akwatunan lefe. Maganar haihuwa ce ake kewayewa. Kunya na hanawa, kuma kowa ya ɗauka amsar a fili take, wai wa zai yi aure ba ya son 'ya'ya?

Akwai su, kuma ba mugaye ba ne. Ɗauki misalin magidanci mai shekara 48 da 'ya'ya tara, matarsa ta rasu, kuɗin makaranta sun sha masa kai. Yana neman wata mai shekara 29 da ba ta taɓa haihuwa ba. Shi a ransa ya rufe wannan babi, abokiyar zama yake so. Ita kuwa burinta ta goya nata. Ranar da ta daure ta ce, "Alhaji, yaya batun haihuwa?" sai ya ce, "Ai Allah ne mai bayarwa."

Gaskiya ya faɗa, amma bai amsa ba. Ba a tambaye shi abin da aka ƙaddara ba, abin da yake so aka tambaya. Idan ta yi shiru a nan, bayan biki za ta ji sauran: ya ce ta yi allurar wata uku, ta ƙi, ko ta amsa da baki ta daina zuwa asibiti a ɓoye. In shekara biyu ta wuce ba ciki, ita dangi za su yi wa gori. Wannan zalunci ne a ganina, ko da ba da gangan aka yi shi ba. A fiƙihun Malikiyya ma miji ba ya azalu sai da yardar matarsa, domin tana da haƙƙi a haihuwa.

Abin da ya kamata ta ƙara shi ne, "Na sani, amma kai kana son ƙari? Yaushe?" Wanda ya ce "mu bari tukuna" a tambaye shi har zuwa wane lokaci. In ya kasa ambaton shekara, ko kullum ya mai da zancen raha, yawanci a'a yake nufi. Mace ma haka: bazawarar da aka yi wa tiyatar haihuwa sau uku, likita ya gargaɗe ta, ta faɗa da bakinta tun da wuri.

Lokacin wannan magana shi ne kafin manya su shigo. A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na sikila, amma da yawa sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, sannan su je asibiti. A wannan gaɓa janyewa ta zama rigimar gidaje biyu, shi ya sa masu saɓanin ra'ayi kan haihuwa sukan haɗiye maganar, kowa na fatan ɗayan zai sauya bayan an ɗaura.