Idan Mai Aiki Ya Yi Shiru, Sai A Buga Ko A Dakata?

Duk mai tsara aiki a kwamfuta don kaiwa ɗab'i ya san wannan damuwa. Ka gama tsara katin ɗaurin aure, ko kalanda, ko ɗan littafin walima, ka tura wa mai aikin samfur ta WhatsApp domin ya duba, sai ka ji shiru. Kwana biyu, kwana uku, har mako. Ranar da aiki ya ƙure sai ga kira: "Ina kayana? Ai jibi ne taron." Idan kuma ka gaji da jira ka buga, aka tarar an rubuta Hauwa a inda ya kamata a sa Hawwa'u, kai ne mai laifi, kuma aljihunka ne zai biya.

Maganin wannan yana cikin saƙon da ke rakiyar samfurin. Dole ya faɗi ranar da ake bukatar amsa, ya kuma faɗi abin da zai biyo baya idan amsar ba ta zo ba. Da yawa suna jin nauyin rubuta haka, musamman idan mai aikin babba ne, malami ko basarake. Ni a ganina sanar da mutum tun da wuri shi ne girmamawa, domin shi ne zai sha kunya a gaban baƙinsa idan kaya ba su iso ba.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Wata makarantar Islamiyya za ta yi walimar saukar Alƙur'ani ranar Lahadi, 24 ga wata. Tana son ɗan littafi mai shafi 16, kwafi 500, ɗauke da sunaye da hotunan ɗalibai 60, da jawabin shugaban makaranta, da jerin manyan baƙi. Mai tsarawa ya kammala samfur ranar Talata, 12 ga wata. Wace rana zai ba su?

Ba a tsintar ranar nan a ka. Daga ranar taro ake lissafowa baya. Kaya su isa makaranta ranar Juma'a 22, domin a samu Asabar a shirya. Ke nan Alhamis 21 ta naɗewa ce da ɗinkewa da yanke gefe. Talata 19 da Laraba 20 na bugu ne da barin tawada ta bushe, domin takarda mai sheƙi idan aka naɗe ta da ɗanyar tawada shafi yakan ɓata ɗan'uwansa. Litinin 18 a fitar da farantan bugu. Saboda haka amsa ta ƙarshe ta zo ranar Asabar 16, a bar Lahadi a matsayin rarar kwana ɗaya saboda ɗaukewar wuta ko lalacewar inji. Kuma tun da akwai yiwuwar amsar farko ta zo da gyara, sai a nemi gyare-gyaren ranar Alhamis 14, a yi su Juma'a, a samu amincewa Asabar. Ranar da aka samo ta wannan hanya tana da hujja a bayanta, idan mai aiki ya nemi ƙarin kwana uku kana iya nuna masa inda kwanakin za su fito: daga ranar da zai karɓi kayansa.

Farantan nan su ne dalilin duk wannan taka-tsantsan. A babban injin ɗab'i, hoto mai kala da launi huɗu ake haɗa shi: shuɗi, ja mai ruwan hoda, ɗorawa da baƙi, kowanne da farantinsa. Kafin a fitar da su, gyaran suna aikin minti ɗaya ne a kwamfuta. Bayan an fitar, harafi ɗaya yana iya jawo sabon faranti. Bayan an buga kuwa, takarda da tawada da lokacin inji duk sun tafi. Kamar tela ne da shadda: kafin almakashi ya shiga komai mai sauƙi ne. Akwai kuma wani abu da kwastoma bai cika sani ba. Littafin da ake naɗewa a ɗinke ta tsakiya shafukansa huɗu-huɗu suke tafiya, don haka idan aka ce a ƙara shafi ɗaya a kan 16, an koma 20 ke nan, an kuma sake tsarin aikin.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ga samfurin littafin walima, na ɗaya, shafi 16. Don Allah a duba mana abu uku da kyau: rubutun sunayen ɗalibai, ko kowane hoto yana kan sunan mai shi, da rana da wurin taro. Muna roƙon a haɗa duk gyare-gyare a saƙo ɗaya zuwa ranar Alhamis 14 ga wata, ƙarfe 4 na yamma. Za mu turo wanda aka gyara ranar Juma'a. Idan ya yi, a rubuto mana 'Na amince a buga' kafin ƙarfe 4 na yammacin Asabar 16. Ba za mu kai ɗab'i ba sai mun ga wannan. Idan amincewar ta wuce Asabar, gurbinmu na Litinin a wurin masu inji zai wuce, kuma ba za mu iya alkawarin kawo kaya ranar Juma'a 22 ba. Allah ya sa a yi taro lafiya."

A lura saƙon bai ce "a duba a gani" kawai ba. Mutumin da aka miƙa wa shafi 16 ba tare da an nuna masa inda zai sa ido ba, kalar bango zai kalla ya ce ya yi kyau. Sunaye kuwa mai tsarawa ba shi da hanyar sanin daidansu. Muhammad ne ko Muhammadu, A'isha ce ko Aishatu, wannan sai makaranta da iyaye. Bai kuma ce "da wuri" ko "cikin makon nan" ba, ya ambaci rana da kwanan wata da ƙarfe. Sa wa samfur lamba ma yana da amfani, domin idan aka yi gyara sau biyu, fayil uku ne ke cikin wayar Malam, kuma yana iya amincewa da tsohon yana zaton sabon ne.

Sai babbar tambaya: me ya sa ba a rubuta "idan ba mu ji daga gare ku ba, mun ɗauka kun amince" ba? Wannan jimla tana da daɗin rubutawa, kuma da yawa suna ganin ta rufe musu ƙofar rigima. Ba ta rufe ba.

Hausawa kan ce shiru ma amsa ce, amma shari'a ba ta karɓar haka kai tsaye. Akwai wata tsohuwar shari'a a Ingila, ta Felthouse da Bindley a 1862, wadda ɗaliban lauya a Najeriya ke karantawa a darasin kwangila. Wani mutum ya rubuta wa ɗan ɗan'uwansa cewa yana son sayen dokinsa a kan fam 30 da sule 15, idan bai sake jin komai ba ya ɗauka doki ya zama nasa. Mai doki bai amsa ba, aka kuma sayar da dokin a gwanjo bisa kuskure. Kotu ta ce babu ciniki, domin mutum ba ya ɗora wa wani yarda ta hanyar shirunsa. A fiƙihu ma akwai ƙa'idar da ake dangantawa ga Imam Shafi'i, cewa ba a jingina wa mai shiru magana. Malamai sun ƙara da cewa shiru a wurin da ake bukatar bayani yana iya zama bayani, kuma Majalla, kundin dokokin mu'amala na Daular Usmaniyya, ta haɗa ɓangarorin biyu a ƙa'ida ɗaya. Abin da mai sana'a zai ɗauka a nan shi ne, shiru yana zama amincewa ne idan an riga an yi yarjejeniya a kan haka. Wurin wannan sharaɗi shi ne ranar da aka karɓi kafin alƙalami, a rubuce, mai aiki ya gani ya yarda. Cusa shi cikin saƙo a tsakiyar aiki bai wadatar ba.

Ko da an yi yarjejeniyar, ba zan ba da shawarar a yi amfani da ita a aikin da ba ya gyaruwa ba. A ce ka buga kwafi 500 bisa shiru, aka samu hoton wata yarinya a kan sunan wata. Ko kana da gaskiya a takarda, ranar farin cikin gida biyu ta ɓaci, makarantar kuma ba za ta dawo ba. Inda "shiru amincewa ne" ke da amfani shi ne ƙananan matakai masu komawa baya, kamar zaɓi tsakanin bango biyu: "Idan ban ji zaɓinku ba zuwa Laraba, zan ci gaba da na farko." Nan ko an saɓa, asarar awa ɗaya ce. A kan abin da zai shiga inji kuwa, sakamakon shiru ya zama abin da ke hannunka: ka dakata, ranar kawo kaya ta matsa, ko a koma ƙaramin injin bugun gaggawa wanda ba ya bukatar faranti, amma kowane kwafi ya fi tsada idan adadi ya yi yawa, kuma mai aiki ne zai cika bambancin. Wannan ma a faɗe shi tun farko.

Shirun kansa yana da dalilai, kuma ana iya gane su. Alama ɗaya a gefen saƙo tana nufin bai ma isa wayar ba, wataƙila babu data ko caji, sai a kira. Alama biyu ba shaida ce ta an buɗe fayil ba. Wani kuma PDF ne bai iya buɗewa ba, ko rubutun ya yi masa ƙanana a waya, yana jin nauyin faɗa. Irin wannan, a buga masa kwafi ɗaya a takarda a kai masa, ya yi gyara da biro ya sa hannu a kowane shafi. A aikin makaranta ko ƙungiya, mafi yawan jinkiri daga kwamiti yake: wanda ka tura wa ba shi ne mai cewa a buga ba, yana jiran shugaba, shugaba yana jiran wani. Shi ya sa tun ranar farko ake tambaya, "Malam, wa zai ba da izinin ƙarshe?" a karɓi lambarsa.

Tunatarwa ɗaya ranar Laraba, kira ɗaya da safiyar Asabar, sun isa. Idan a waya ya ce "ba komai, ku buga", a bi shi da rubutu nan take: "Kamar yadda muka yi magana yanzu, kun amince da samfur na biyu. A amsa da 'E' mu wuce." Hoton babban yatsa kaɗai bai isa ba, domin a wurin mutane da yawa ma'anarsa "na gani".

Idan ƙarfe 4 ta Asabar ta yi babu amsa, sai a aikata abin da aka faɗa, cikin ladabi: "Allah ya gafarta Malam, ba mu samu amincewa ba, don haka mun dakata. Idan ta zo Litinin da safe, za mu nemi gurbin Talata, kaya su fito Asabar 23 da yamma in Allah ya yarda. Idan ta wuce Litinin, sai bugun gaggawa, kuma za mu turo sabon farashi kafin mu taɓa komai."