A Ɗora Ko a Dunƙule: Inda Kwamfuta Ke Cijewa Wajen Karanta Lissafi

Ɗalibin da ya iya lissafi ya san amsar `2 + 3 * 4` ita ce 14, domin ana yin sau kafin a tara. Kwamfuta kuwa ba ta kallon layin gaba ɗaya. Manhajar da ke feɗe mata jimla tana karantawa ne daga hagu zuwa dama, alama bayan alama, kuma a kowane mataki dole ta yanke shawara ba tare da ta ga ƙarshen zancen ba.

Dabarar da aka fi sani tana gina ma'ana ne daga ƙasa zuwa sama. Manhajar na riƙe da wani tari, kamar kwanukan da aka jera ɗaya bisa ɗaya, na sama kaɗai ake iya taɓawa. Ayyukanta biyu ne. Ko dai ta ɗauko alama ta gaba ta ɗora a kan tarin, ko kuma ta dunƙule abubuwan da ke sama su zama abu guda, idan sun dace da wata ƙa'ida ta nahawun harshen. Ga ƙaramin nahawu, inda `E` ke nufin kowane guntun lissafi:

```
E : E '+' E
  | E '*' E
  | NUM ;
```

Manhajar za ta ɗora 2, ta dunƙule shi ya zama `E`. Sai ta ɗora `+`, ta ɗora 3, shi ma ya zama `E`. Yanzu a kan tarin akwai `E + E`, alamar da ke jira kuma ita ce `*`. Nan ake yin ta. Ƙa'ida ta farko ta ba da damar dunƙulewa nan take, 2 da 3 su zama 5, amsa ta fito 20. Ƙa'ida ta biyu kuma ta ba da damar ɗora `*` a ci gaba, amsa ta fito 14. Nahawun bai fifita ko ɗaya ba.

Wannan shi ne karo tsakanin ɗorawa da dunƙulewa. A 1965 Donald Knuth ya fayyace rukunin nahawun da ake kira LR, wato wanda abin da ke kan tari, haɗe da leƙen wasu ƙayyadaddun alamomi na gaba, ya isa ya nuna mataki ɗaya tak a koyaushe. Daga irin wannan nahawu ana gina jadawalin da ke faɗa wa manhaja abin yi. Idan nahawun ba ya cikin rukunin, sai a sami gurbi guda a jadawalin da umarni biyu ke neman shiga.

Ana gane matsalar tun kafin a karanta jimla ko ɗaya. Yacc, wadda Stephen Johnson ya rubuta a Bell Labs a shekarun 1970, da magajiyarta Bison, suna ƙirga irin waɗannan gurabe. A kan nahawun da ke sama, Bison za ta yi gargaɗin `4 shift/reduce conflicts`, sannan ta zaɓi ɗorawa a duk wuraren huɗu. Haɗarin ke nan: `2 + 3 * 4` zai fito daidai, amma `2 * 3 + 4` zai ba da 14 maimakon 10. Maganin layi biyu ne, na ƙasa ya fi ƙarfi:

```
%left '+'
%left '*'
```

Tushen wannan karo shi ne harshen damo, jimla ɗaya mai fassara biyu, kuma babu nahawu mai harshen damo da zai zama LR. Amma akwai wani tushe da ya fi wuyar sha'ani. A ɗauki nahawun kalmomin da suke daidai ko ta wane gefe aka karanta su, masu haruffa bibbiyu kamar `abba`:

```
S : 'a' S 'a' | 'b' S 'b' | %empty ;
```

Kowace kalma a nan fassararta ɗaya ce. Sai dai bayan an ɗora `a` da `b`, aka hango wani `b`, manhajar ba ta san ko ta iso tsakiya ba. A `abba` ta iso, dole ta fara dunƙulewa. A `abbbba` kuwa da saura, sai ta ƙara ɗorawa. Ko an ba ta damar leƙen alamomi goma, akwai kalmar da tsawonta zai ɓoye tsakiyar, kuma sake rubuta nahawun ba zai raba gardama ba.

Don irin wannan ne ake komawa ga dabarar GLR, wadda Masaru Tomita ya yi fice da ita a shekarun 1980. Idan ta iso mararraba sai ta raba tarin ta bi hanyoyin biyu tare, wadda ta toshe ta watsar da ita. Bison na kunna ta da umarnin `%glr-parser`, amma idan hanyoyin biyu duka suka kai ƙarshe, mai rubuta nahawun ne zai faɗa mata wadda za ta ɗauka.